Tambaya Ɗaya, Amsa Biyu: Inda Gasar Kacici-kacici Kan Halifofi Shiryayyu Take Tuntuɓe

"Wane halifa ne ya tattara Alƙur'ani?" Da wuya a yi gasar kacici-kacici kan halifofi huɗu ga ɗaliban ƙaramar sakandare ba a jefa wannan tambaya ba. Kuma da wuya a sami tambayar da ta fi ta haddasa gardama a gaban teburin alƙalai. Yaron da ya ce Sayyidina Abubakar bai yi kuskure ba. Wanda ya ce Sayyidina Usman shi ma yana da hujjarsa. Amma takardar da ke hannun mai gabatar da tambayoyi suna ɗaya ne rak a rubuce a cikinta, don haka dole ɗaya daga cikin yaran ya koma kujerarsa a matsayin wanda bai sani ba, alhali ya sani.

A ganina, mafi yawan rigimar da ake yi a irin wannan gasa ba daga yara take fitowa ba, daga alƙalamin wanda ya tsara tambayoyin take fitowa. A musabaƙar Alƙur'ani, idan an yi saɓani kan wani wasali sai a buɗe Mus'hafi, magana ta ƙare. Tarihi kuwa ba shi da littafi guda da zai raba gardama haka. Ruwayoyi ne, wasu an haɗu a kansu, wasu an saɓa. Aikin mai tsara gasa shi ne ya san wanne ne wanne kafin ya ɗora maki a kai.

Bari mu ɗauki misalin nan mu bi shi daki-daki. A ce makarantu biyu ne suka kai zagayen ƙarshe, kowace da ɗalibai uku. Dokar gasa ta ce amsa daidai maki 2 ce, idan wata makaranta ta kasa a miƙa wa abokiyar karawarta a matsayin garaɓasa ta maki 1, kuma daƙiƙa 30 ake bayarwa. Makaranta ta farko tana da maki 18, ta biyu tana da 19, saura tambaya guda, kuma ta farkon ce za ta amsa. Aka karanto tambayar tattara Alƙur'ani. Yarinya ta miƙe ta ce Abubakar. Mai gabatarwa ya duba takarda, ya ga an rubuta Usman, ya ce ba haka ba ne, ya miƙa garaɓasa. Ɗaya ɓangaren suka ce Usman, suka tashi da 20, su kuma waɗancan suna nan a 18. Da an karɓi amsar yarinyar, makarantarsu ce za ta tashi da 20 a bar ɗayar da 19. Kofi ya sauya hannu ke nan saboda jimla ɗaya da ba a tace ba.

To, mene ne ainihin abin da ya faru a tarihi? Aiki biyu ne daban-daban, a zamani biyu, saboda dalilai biyu.

Na farko a zamanin Sayyidina Abubakar aka yi shi, bayan yaƙin Yamama da aka gwabza da mabiyan Musailama, mai da'awar annabta. Mahaddata da yawa suka yi shahada a wannan yaƙi. Sayyidina Umar ya ji tsoron kada a ci gaba da rasa su a sauran fagagen daga har wani abu na Alƙur'ani ya salwanta, sai ya shawarci halifa da a tara shi wuri guda. Da farko Abubakar ya yi ɗari-ɗari, domin abu ne da Annabi (SAW) bai yi ba, har daga baya zuciyarsa ta natsu. Ya ɗora aikin a kan Zaidu bin Sabit, matashi daga cikin marubutan wahayi. Zaidu ya bi abin da aka rubuta a jikin zarben dabino da fararen duwatsu masu faɗi, ya haɗa da abin da ke ƙirazan mahaddata, ya mayar da shi cikin takardu. Takardun suka zauna a wurin Abubakar, bayan rasuwarsa suka koma hannun Umar, daga nan sai hannun 'yarsa Nana Hafsa, matar Annabi (SAW).

Na biyu ya zo ne bayan fiye da shekara 10, a zamanin Sayyidina Usman. A lokacin Musulunci ya yaɗu, mutanen Sham da na Iraƙi sun haɗu a rundunar da ta fuskanci Armeniya da Azarbaijan, kowane ɓangare yana karatu yadda ya koya daga sahabin da ya zauna a garinsu. Huzaifa bin Yamani ya ga yadda suke saɓani, ya garzayo Madina ya faɗa wa halifa. Usman ya aika aka aro takardun nan daga wurin Hafsa, ya kafa kwamitin mutum huɗu: Zaidu bin Sabit ɗin dai, da Abdullahi bin Zubairu, da Sa'idu bin Asi, da Abdurrahman bin Haris bin Hisham. Ya umarce su idan sun saɓa su rubuta da harshen Ƙuraishawa. Suka kwafi Mus'hafai, aka aika manyan birane, aka ƙona sauran rubuce-rubucen, aka mayar wa Hafsa takardunta.

Wanda ya fahimci wannan ba zai rubuta waccan tambaya guda ba. Zai fasa ta gida biyu ko uku, kowace da amsa ɗaya tilo. "Wane halifa ne ya fara ba da umarnin a tara Alƙur'ani wuri guda bayan yaƙin Yamama?" Abubakar. "Wane halifa ne ya sa aka kwafi Mus'hafai aka rarraba a birane don kashe saɓanin karatu?" Usman. "Wane sahabi ne ya yi aiki a duka biyun?" Zaidu bin Sabit. Ga kuma wadda nake so fiye da duka: "A hannun wa takardun suke lokacin da Usman ya neme su?" Yaron da ya amsa wannan ya riƙe zaren labarin daga farko har ƙarshe, ba suna kawai ya haddace ba. Abin da za a guje wa a nan shi ne tambayar adadin kwafin da Usman ya aika, domin malamai sun saɓa, wasu sun ce 4, wasu 5, wasu 7. Haka nan shekarar aikin, akwai masu cewa wajen 25 bayan hijira, akwai masu kai ta 30.

Shekaru su ne rami na biyu, kuma shi ya fi zurfi. Littattafan da yara ke karantawa ba su tafi a kan lissafi ɗaya ba. Littafin makarantar boko yakan kawo shekarar miladiyya, na Islamiyya kuma ya kawo ta hijira, yaro ɗaya kuwa yana zuwa duka biyun, safe da yamma. Abubakar ya yi halifanci daga 632 zuwa 634, wato 11 zuwa 13 bayan hijira. Umar daga 634 zuwa 644, wato 13 zuwa 23. Usman daga 644 zuwa 656, ya ƙare a 35. Aliyu daga 656 zuwa 661, wato 35 zuwa 40. Idan tambaya ta ce "A wace shekara Umar ya hau halifanci?" ba ta faɗi lissafin da ake nufi ba, to 13 daidai ce, 634 ma daidai ce. Alƙalin da 634 kawai ke gabansa zai ji yaro ya ce 13 ya ɗauka shirme ne. Maganin abin mai sauƙi ne: a rubuta duka biyun a takardar amsoshi, ko a faɗi wanda ake so a cikin tambayar.

Akwai ɗan lissafi da zai taimaki alƙali idan yaro ya kawo shekarar da ba ta cikin takarda. Shekarar hijira ta gaza ta miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka duk bayan shekara 33 ana samun ratar shekara guda. A ɗauki shekarar hijira, a cire mata kashi ɗaya cikin 33 na kanta, a ƙara 622. Misali 35: a cire 1, saura 34, a ƙara 622, an sami 656, shekarar da aka kashe Usman. Lissafin kusantarwa yake yi, yana iya kaucewa da shekara guda, amma ya isa ya nuna ko yaro yana kan hanya ko ya yi nisa da ita.

Wani wurin ma ko an faɗi lissafin ba a tsira ba. An soki Sayyidina Umar da wuƙa yana limancin sallar asuba a ƙarshen watan Zulhajji na shekara ta 23. Wanda ya soke shi Abu Lu'ulu'a ne, bawan Mugira bin Shu'uba. Kafin ya cika ya bar al'amarin a hannun mutum shida su zaɓi ɗaya daga cikinsu: Usman, Aliyu, Ɗalha, Zubairu, Sa'adu bin Abi Waƙƙas da Abdurrahman bin Aufu. Kafin a gama shawara a yi wa Usman mubaya'a, shekara tana kan gaɓar juyawa. Shi ya sa wani littafi zai ce Usman ya hau a 23, wani ya ce a Muharram na 24. A miladiyya kuwa duk a 644 ne. Yaƙin Ƙadisiyya ma haka, ana samun 14, 15 ko 16 a littattafai daban-daban. Shawarata ita ce irin waɗannan shekaru a bar su. A tambayi yaro wa ya jagoranci Musulmi a Ƙadisiyya, ya ce Sa'adu bin Abi Waƙƙas. A tambaye shi da wace daula aka kara, ya ce Farisa. Wannan babu mai ja.

Idan ana son tambayar lissafi mai daɗi, ga wadda ta fi haddar shekaru amfani. Abubakar ya yi kimanin shekara 2 da wata 3. Umar ya yi 10 da rabi. Usman ya yi kusan 12. Aliyu ya yi 4 da wata 9. A ce wa yara su tara. Za su sami shekara 29 da rabi. Daga nan a tambaye su wa ya cike watanni shidan da suka kai lissafin 30, su ce Hasan ɗan Aliyu, wanda ya sauka ya bar wa Mu'awiya don a daina zubar da jini. Wannan kuma yana nuna dalilin da ya sa tambayar "Wane ne halifa na biyar?" take da haɗari: wasu malamai Hasan suke lissafawa, wasu kuma suna ba Umar bin Abdul'azizi wannan matsayi saboda adalcinsa, duk da cewa shi sai a 99 bayan hijira ya hau mulki, a daular Banu Umayya.

Wani tarkon kuma harshenmu ne yake ɗana shi. Ana yawan rubuta tambayoyin da Turanci ko Larabci, sannan a ranar gasa mai gabatarwa ya juya su da ka zuwa Hausa. Sai ka ji an ce, "Wane halifa ne surukin Annabi?" A Hausa uban matarka surukinka ne, mijin 'yarka ma surukinka ne. Abubakar mahaifin Nana A'isha ne, Umar mahaifin Nana Hafsa ne. Usman ya auri Ruƙayya, bayan rasuwarta ya auri Ummu Kulsum, daga nan ya sami laƙabin Zun-Nuraini. Aliyu mijin Nana Faɗima ne. Ashe dukkansu huɗu surukai ne, babu amsar da za a ce ba daidai ba ce. Sai dai a ce "Waɗanne halifofi biyu ne Annabi (SAW) ya auri 'ya'yansu?" ko "Waɗanne biyu ne suka auri 'ya'yansa?" Duk harshen da za a yi gasar da shi, da shi ya kamata a rubuta tambayar tun farko, a karanta ta yadda take, ba daɗi ba ragi.

Haka tambayar "Wa ya fara musulunta?" Malaman tarihi sun daɗe da daidaita ruwayoyin ta hanyar rarrabewa: Nana Khadija a cikin mata, Abubakar a cikin manyan maza 'ya'ya, Aliyu a cikin yara, Zaidu bin Harisa a cikin 'yantattun bayi. Idan ba a saka wannan ƙaidi a tambaya ba, an buɗe ƙofar gardama. Sunan Abubakar ma yakan rikita: Abubakar alkunya ce, sunansa na yanka Abdullahi, Siddiƙu kuma laƙabi ne. Mahaifinsa da aka sani da Abu Ƙuhafa sunansa Usman. Sai a fayyace ko suna ake nema, ko alkunya, ko laƙabi.

Sai batun nasarori, inda ake cakuɗa halifa da kwamandansa. "Wa ya ci Masar da yaƙi?" Idan halifa ake nufi, Umar ne. Idan shugaban runduna ake nufi, Amru bin Asi ne. Rundunar ruwa ta farko a zamanin Usman aka kafa ta, amma Mu'awiya, gwamnan Sham, shi ya nemi izini kuma shi ya ƙetara da ita zuwa tsibirin Ƙubrus. Kalma ɗaya ce take warware wannan, a ce "a zamanin wane halifa" ko "wane kwamanda".

Amma ko an gyara duk waɗannan, akwai abin da ya fi damuna, wato yadda ake mayar da nasarorin halifofi jerin sunaye da yaro zai rero kamar karatun aku. Ka tambayi ɗan aji biyu ayyukan Umar, zai zubo maka: kalandar hijira, diwani, gina Kufa da Basra, tara mutane a sallar tarawihi bayan limami ɗaya. Ka ce masa mene ne diwani, sai ya yi shiru. Alhali bayaninsa bai fi ƙarfin ɗan shekara 13 ba. Dukiya ce ta yi ta kwarara zuwa Madina daga ƙasashen da aka buɗe, rabon hannu da hannu ya gagara, sai Umar ya sa aka buɗe rajistar sunaye, aka yanka wa kowa abin da zai riƙa karɓa daga baitulmali, aka fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci da waɗanda suka halarci Badar. Kalandar ma matsala ce ta haife ta: wasiƙu da takardun bashi suna zuwa da sunan wata babu shekara, ba a san wane Sha'aban ake nufi ba, na bana ko na bara. Aka yi shawara aka zaɓi hijira ta zama mafarin ƙirge. Ga wata tambaya da take tankaɗe masu hadda daga masu fahimta: "A wane wata Annabi (SAW) ya isa Madina?" Da yawa za su ce Muharram, saboda shi ne farkon shekara. Amsar kuwa Rabi'ul Awwal ce. Shekarar hijirar aka ɗauka, amma aka bar Muharram a matsayin watan farko.

Don haka yana da kyau kowace gasa ta ware zagaye guda na "me ya sa". Me ya sa Usman bai halarci Badar ba? Yana jinyar matarsa Ruƙayya da umarnin Annabi (SAW), kuma an ba shi rabonsa na ganima. Me ya sa Aliyu ya tsaya a Makka daren hijira? Ya kwanta a shimfiɗar Annabi (SAW), sannan ya mayar wa mutane ajiyarsu. Me ya sa Abubakar ya yaƙi wasu ƙabilun da suke sallah? Sun hana zakka. Irin wannan zagaye yana buƙatar lokaci fiye da sauran, a ce minti ɗaya, kuma a rubuta wa alƙalai ginshiƙin amsar da ake nema, domin yaro da bakinsa zai faɗa, ba da kalmomin littafi ba. Wanda ya kawo ginshiƙin ya sami cikakken maki ko da Hausarsa ko Turancinsa ya yi tuntuɓe.

Zamanin Sayyidina Aliyu yana son taka-tsantsan na daban. A cikinsa aka yi yaƙin Raƙumi a 36, da Siffin a 37, da Naharawan a 38, kuma a biyun farko akwai sahabbai a kowane ɓangare. Wasu masu shirya gasa saboda tsoron wannan sai su tsallake zamanin gaba ɗaya, ka tarar da tambaya goma kan Umar, guda ɗaya kan Aliyu. Wannan rashin adalci ne ga tarihin da kuma yaran. Akwai abin tambaya da yawa da babu hayaniya a ciki: tutar da aka ba shi ranar Khaibar, barin sa da aka yi ya kula da iyali a Madina lokacin Tabuka, mayar da cibiyar mulki Kufa, da shahadarsa a watan Ramadan na shekara ta 40 a hannun Abdurrahman bin Muljam, ɗaya daga cikin Khawarijawa. Yaƙe-yaƙen ma ana iya tambayar wuri da shekara. Abin da bai dace ba shi ne a tsayar da yaro a gaban lasifika a ce ya faɗi wanda yake da laifi. Wannan magana ce ta zaure da malami, ba ta daƙiƙa 30 da ƙararrawa ba, balle a zauren da iyaye masu fahimta daban-daban suke zaune.

Ta yaya za a gane tambaya ta lalace tun kafin ranar gasa? Hanya mafi sauƙi ita ce a ba wani malami tambayoyin ba tare da amsoshin ba, ya amsa shi kaɗai. Duk inda amsarsa ta saɓa da ta takarda, ko ya tsaya ya ce "ya danganta", to wannan tambaya a gyara ta ko a jefar. A ranar gasar ma akwai alama: idan makarantu biyu masu ƙoƙari suka faɗi tambaya guda, kuma malamansu suka fara duban juna, galibi ba yaran ne suka kasa ba. Shi ya sa ake ajiye tambayoyin ko-ta-kwana, biyar ko fiye, domin idan alƙalai suka soke wata a maye gurbinta nan take, kafin a sanar da sakamako. Bayan an miƙa kofi, gyara ya zama tashin hankali.

Ga masu shirya gasa a makarantu da ƙungiyoyin ɗalibai, roƙona shi ne ku sanar da littafin da za a dogara da shi tun lokacin da kuke aika takardar gayyata, ku faɗi babin da za a tsaya, sannan ku zo da littafin ku ajiye a teburin alƙalai. Ku kuma ba kowace makaranta damar ɗaga ƙara sau ɗaya ko biyu ta bakin malamin da ya rako ta, a saurare shi kafin a wuce zuwa tambaya ta gaba.